Sa wa labarinka wa'adi, amma bar mai karatu ya numfasa

Da yawa cikin labaran tashin hankali da muke turawa a WhatsApp tun babi na uku suke mutuwa: ko'ina gudu da ihu, amma ba a san me ake jira ba. Duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na 1937. Waziri ya ɗana wa Musa tarko a waje, aku kuwa dole ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Wa'adin ke nan. Labaran akun wurin hutu ne, amma haɗarin na bakin ƙofa.

Gwada a gida. Ɗan acaɓa ya taso daga Batsari da maganin mahaifiyarsa, dole ya isa Safana kafin magariba, don yana tsoron hanyar da dare. Faɗi wa'adin tun shafin farko. Taya ta yi faci, minti 20 sun tafi. Bar shi ya sha ruwa, mai faci ya ba shi dariya, rana na ta sauka. Yanke babin daidai inda ya hango babura uku sun tare hanya, kafin a san su wane ne.

Amma fa babi na gaba ya biya bashin. In ka ce mafarki ne, ba mai sake buɗe labarinka.