Kibiya ɗaya ta fi dogon bayani: yadda ake yi wa hoton allo alama

A ofisoshi da yawa, idan aiki ya cije wa mutum a kwamfuta sai ya ɗauki waya ya kira wanda ya fi shi sani. Daga nan sai a shiga "duba ta hagu, can ƙasa, a'a ba wannan ba, ɗayan." Kati na ƙarewa, rai na ɓaci. Alhali da mai bayanin ya ɗauki hoton allon kwamfutarsa, abin da ake kira sikirinshot, ya ɗora masa kibiya da 'yan kalmomi, da an gama cikin minti biyu. Sai dai ba kowane hoto mai kibiya ke warware matsala ba. Wani ƙara ruɗani yake yi, don haka abin yana da ƙa'ida.

Mu ɗauki misalin da ya zama ruwan dare. Sabuwar ma'aikaciya ta shirya jadawalin albashi a Excel, ta tura firinta, sai ginshiƙai biyu na ƙarshe suka tsallake zuwa wata takardar. Ta rubuto: "Malam, don Allah yaya zan yi ya fito a shafi ɗaya?" Amsar gajeriya ce. Idan ta danna Ctrl da P, shafin bugawa zai buɗe. A ƙasan jerin Settings akwai wani akwati da aka rubuta No Scaling. Shi za ta danna, ta zaɓi Fit All Columns on One Page. Wahalar ita ce akwatin yana can ƙarshen jerin akwatuna masu kama da juna, kuma idon baƙo ba ya kai wa gare shi da wuri.

Aikin yana farawa tun wajen ɗaukar hoton. A Windows, danna maɓallin Windows da Shift da S a tare. Allon zai ɗan yi duhu, sai ka ja linzami ka kewaye wurin da kake so. A kwamfutar Mac kuwa, Shift da Command da 4 ne. Tambayar ita ce, ina za ka tsaya? Idan ka ɗauko allon gaba ɗaya, akwatin da ake magana a kai zai zama ɗan mitsitsi, musamman ga wadda za ta buɗe hoton a waya. Idan kuma ka yanko akwatin shi kaɗai, za ta gan shi sarai amma ba za ta san a wane ɓangaren allonta yake ba. Abin da ya dace shi ne ka bar mata abin da za ta gane wurin da shi, kamar yadda mai kwatancen gida ke ambaton masallacin da ke bakin layi. A misalinmu, ka yanko daga kalmar Print da ke sama har zuwa ƙasan No Scaling, ka bar sauran.

Kafin ka ɗauka, ka buɗe akwatin tukuna don zaɓuɓɓukan su bayyana. Wani lokaci jeri irin wannan yakan rufe da zarar ka taɓa wani maɓalli. Maganinsa yana cikin Snipping Tool: akwai jinkiri na 'yan daƙiƙu da za ka saita, ka koma ka buɗe jerin, hoton ya ɗauku yana buɗe.

Yanzu sai alama. Snipping Tool yana da alƙalami da abin haskaka rubutu. Idan kana son kibiya miƙaƙƙiya da rubutu na bugawa, liƙa hoton a Paint da Ctrl da V. Akwai kibiyoyi a cikin Shapes, harafin A kuma shi ne na rubutu. Kowace alama da aikinta. Kibiya tana cewa "danna nan." Haskakawa da rawaya tana cewa "karanta wannan." Akwatin da aka zana yana cewa "cikin wannan yankin." Idan ka cakuɗa su, mai kallo ba zai san wanne ne umarni ba. Na fi ganin a ɗauki launi ɗaya mai ƙarfi, ja ko ruwan lemo, a tsaya a kansa. Excel da kansa kore ne, koriyar kibiya ɓacewa za ta yi a cikinsa. Kuma akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, saboda haka kada ka ce "danna mai jan, bar mai koren." Sa lamba ta fi.

Wurin da kibiya ke tsayawa shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Ta taso daga fili inda babu rubutu, bakinta ya tsaya dab da gefen akwatin, ba a kansa ba. Kibiyar da ta hau kan No Scaling ta rufe ainihin kalmar da abokiyar aikin za ta nema a allonta. Wadda ta tsaya tsakanin akwatuna biyu kuma ta bar ta da canke. A misalinmu alamomi biyu sun isa: kibiya mai lamba 1 a kan akwatin, da mai lamba 2 a kan zaɓin da ake so. Rubutun ya zama umarni da ke farawa da aikatau: "1. Danna nan. 2. Zaɓi Fit All Columns on One Page." Sunan maɓalli a rubuta shi yadda yake a allo, harafi da harafi, ko da sauran bayanin da Hausa ne, domin shi idonta zai bi. Idan matakan sun wuce uku, ko allon ya canja bayan dannawa, to hoto na biyu ake bukata, ba ƙarin kibiyoyi ba.

Akwai kuma batun sirri, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi. Jadawalin albashi ne fa, kuma shafin bugawa yana nuna samfurinsa a gefen dama, da sunaye da kuɗin kowa. Abin da ya fi aminci shi ne kada wannan gefen ya shiga hoton tun farko. Idan dole ya shiga, a rufe shi da akwati mai cikakken launi. Kada a shafe shi da baƙin abin haskaka rubutu, domin wannan launin shara-shara ne. Wani yana iya ƙara hasken hoton ya karanta abin da ke ƙasa. Yanke hoto bayan an adana shi ma ya taɓa ba da kunya: a shekarar 2023 aka gano cewa a wayoyin Pixel da kuma Snipping Tool na Windows 11 ana iya dawo da wani ɓangare na abin da aka yanke, kafin Google da Microsoft su toshe ɓarakar. A duba sunayen shafukan da ke buɗe a sama da saƙonnin da ke faɗowa a kusurwa, su ma suna tona asiri.

Sai turawa. Adana hoton a tsarin PNG, domin JPEG yakan dusashe gefen ƙananan haruffa. WhatsApp yana matse hoto don rage nauyinsa, don haka idan rubutun ƙanana ne a zaɓi HD, ko a tura shi a matsayin Document. Ka haɗa da layi ɗaya da ke faɗin daga ina za a fara da abin da za a gani idan an yi daidai: "Hajiya, fara da Ctrl da P, sannan ki bi lambobin. Idan ya yi, za ki ga duk ginshiƙan sun shigo cikin samfurin da ke dama." Idan ta dawo ta ce allonta bai yi kama da naka ba, mai yiwuwa Excel ɗinta ba irin naka ba ne, ko kuma na burauza take amfani da shi. A nan sai ka ce ta turo maka hoton nata allon, ka yi alamar a kansa.