Yadda Takarda Ke Koyar da Jimillar Kusurwoyi

Idan malami ya raba wa yara ma'aunin kusurwa ya ce su auna kusurwoyi uku na alwatika su tara, amsoshin ba sa zuwa ɗaya. Wani zai ce digiri 178, wani 183. Hannu na rawa, bakin fensir na da kauri. Daga nan sai malam ya ce amsa 180 ce, yara su haddace, ba don sun gamsu ba.

Takarda ta fi ma'auni iya wannan aiki. Kowane yaro ya yanko alwatikarsa daga tsohon kalanda ko bangon littafi, yadda ya ga dama: doguwa, gajera, karkatacciya. Ya shafa wa kowace kusurwa launi, sannan ya yage ukun da hannu. Yagawa ake so, ba yanka ba, domin almakashi na barin sababbin kusurwoyi masu tsini, yaro ya rasa wacce ce ta asali. Sai ya jera su a gefen rula, tsininsu ya haɗu wuri ɗaya. Za su kwanta su cike miƙaƙƙen layi cif, wato digiri 180. Abin da ke kama hankalin yaro shi ne ya leƙa teburin maƙwabcinsa ya ga alwatikar da ba ta yi kama da tasa ba, amma ta ba da layi iri ɗaya.

Akwai kuma hanyar ninkewa. A sa gefe mafi tsawo a ƙasa, a ninko kusurwar sama ta sauko kai tsaye har ta taɓa shi, sannan a ninko ta dama da ta hagu zuwa wannan ɗigon. Ukun za su haɗu ba giɓi. In aka ɗauki gajeren gefe a alwatika mai kusurwar da ta wuce 90, tsinin zai sauka a waje, aikin ya lalace.

Siffofi masu gefe da yawa duk daga nan suke fitowa. Ɗauki mai gefe biyar: zaɓi kusurwa guda, ka ja layi daga ita zuwa biyun da ba sa maƙwabtaka da ita, ka yanka. Alwatika uku ke nan, 180 sau uku, 540. Mai gefe huɗu na ba da biyu, 360. Mai shida, huɗu, 720. Kada malam ya yi gaggawar rubuta ƙa'ida a allo. Yara da kansu za su lura cewa adadin alwatika kullum yana kasa adadin gefe da biyu.

Wani yaro lalle zai yanka mai gefe huɗu gicciye, ya samu alwatika huɗu, ya ce 720. Kar a tsawata masa, a tambaye shi: kusurwoyi huɗun da suka taru a tsakiya na siffar ne? Ba nata ba ne, kuma sun zagaye ɗigo, 360. Ya debe su, 360 ta rage.

Sai dai takarda nuni ce kawai. Ido ba ya bambance 180 da 179. Cikakkiyar hujja tana wurin layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, kuma ya kamata ta biyo baya a darasi na gaba.