Labarin mai kafa sana'a a jerin hotuna: nawa za a faɗa, nawa za a bari?

Tun 2017 Instagram ya bai wa masu amfani da shi damar jera hotuna har 10 a wallafa guda, mai kallo na ja da yatsa daga wannan zuwa wancan, kuma a 2024 aka ƙara adadin zuwa 20. A LinkedIn ma ana yin irinsa ta hanyar ɗora takardar PDF. Wannan jeri da ake kira karusel ya zama wurin da masu ƙananan sana'o'i ke ba da labarin yadda suka fara. Sai dai da zarar mutum ya zauna rubutawa, sai ya rasa inda zai tsaya. In ya ɓoye kansa, labarin ya koma talla mara gishiri. In ya baje komai, a ce ga mai tunƙaho, domin mu mutane ne da aka raina da cewa yabon kai jahilci.

A ganina, yawan abin da mutum ya faɗa game da rayuwarsa ba shi ke sa a ji alfahari ba. Abin da ke sa a ji shi, bayanin da bai haɗu da kayan da ake sayarwa ba. Sara Blakely, wadda ta kafa kamfanin tufafin ciki na Spanx a Amurka a 2000, ta sha ba da labarin yadda ta yanke ƙafafun doguwar safar mata don ta saka a ƙarƙashin farin wando, da yadda ta fara da dala 5,000 da ta tara daga tallan na'urar faks ƙofa-ƙofa. Labarin tufafin ciki ne fa, ba abin da ya kai shi zama na sirri. Amma bai yi kama da yabon kai ba, saboda yana nuna daga inda kayan suka samo asali.

Mu kawo abin gida. A ce wata tela ce a Kano, tana da shago da 'yan mata huɗu masu taya ta aiki, ta tsara shafi 10. Na farko hotonta ne jingine da mota, an rubuta "Daga babu zuwa nasara". Na biyu da na uku labarin maraici da wahalar da ta sha a hannun dangi. Na huɗu mutuwar aurenta na fari. Na biyar telan da ya hana ta kayan bikinta har ranar ɗaurin aure. Sauran kuwa lambar yabo, da manyan matan da take wa ɗinki, da kalmomi irin su "jajircewa" da "ban taɓa karaya ba".

Ta ɗauki kowane shafi ta tambayi kanta: wane abu ne mai kawo ɗinki zai tarar a shagona saboda wannan da ya faru da ni? Shafi na biyar kaɗai ke da amsa. Saboda abin da telan nan ya yi mata, tana rubuta wa kowa ranar karɓa a rasit, ba ta karɓar kaya fiye da 15 a mako, kuma tana rufe karɓar ɗinkin ƙaramar Sallah tun 10 ga azumi. To nan labarin yake, kuma ya cancanci shafi uku, ba ɗaya ba. Shafin farko ya zama ranar bikin kanta, a jimla guda: "Ranar ɗaurin aurena da aron kaya na fita." Na biyu ya faɗi yadda ta yi ta zarya gidan tela, ba tare da suna ko unguwarsa ba. Shafin biyun nan ya kamata ya tsaya da ƙafarsa, domin shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana cewa wanda bai ja hoton farko ba sau da yawa akan sake nuna masa jerin daga hoto na biyu. Na uku ya nuna keken ɗinkin da ta fara da shi da wadda ta koya mata yanka. Na huɗu da na biyar su kawo dokokin shagon, har da hoton rasit. Na shida saƙon wata mai kawo ɗinki, bayan an nemi izininta an kuma rufe lambarta. Na bakwai ya faɗi yadda ake ba da aiki. Motar ta fita, maraicin ya fita, mutuwar auren ma haka.

Wani zai ce ai labarin wahala shi ke jawo jama'a. Gaskiya ne yana jawo "Allah sarki" da addu'o'i. Amma a nan akwai alamar da mai sana'a zai gane ko ya wuce gona da iri: ya duba abin da mutane ke aiko masa. In duk tausayi ne da tambayar me ya raba auren, ba mai tambayar kuɗin ɗinki, an kalli mutum ne an manta da shago. Ga kuma batun haƙƙi. Labarin maraici ya ƙunshi dangi, na mutuwar aure ya ƙunshi tsohon miji da 'ya'ya, kuma ba wanda ya nemi yardarsu. Hoton da aka ɗauka daga fuskar waya ba ya gogewa don mai shi ya goge nasa.

Sai maganar lafazi. Alfahari ya fi ɓuya a cikin siffofin da mutum ke laƙaba wa kansa. "Ni mai riƙon amana ce" hukunci ne da ta yanke wa kanta, alhali ba ita ke da hurumin yankewa ba. "Idan na saɓa ranar da na rubuta, ina rage kuɗin ɗinki" kuwa alkawari ne da kowa zai iya gwadawa. Lambar yabo ma ba laifi a ambace ta sau ɗaya, da sunan wanda ya bayar da shekarar, a shafin kusa da ƙarshe, ba a goshin labari ba.

Mafi muni shi ne yabon da aka lulluɓe da kuka: "Wallahi na gaji, matan manya sun hana ni barci da waya." Binciken da Ovul Sezer da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna cewa mutane sun fi ƙin irin wannan fiye da yabon kai na kai tsaye, don suna ganin rashin gaskiya a ciki. Namu salon shi ne a dogara da "Alhamdulillah" a jera gida da mota da tafiya Umara. Godiya ga Allah wajibi ce, amma mai karatu yana bambance godiya da baje koli.

Kada kuma tsoron baki ya sa a goge kai gaba ɗaya, a koma "mu" da "kamfaninmu" alhali mutum ɗaya ne da kekensa. Wanda zai tura kuɗi ga shagon da bai taɓa takawa ba yana son ganin fuska, ko aƙalla hannuwa a kan aiki ga wadda ba ta son nuna fuskarta, da sunan garin da shagon yake.

Kafin ka wallafa naka, mai karatu, ka miƙa wayar ga wanda ya san ka tun kafin sana'ar ta kafu, yayarka ko tsohon ubangidanka, ya karanta a gabanka. Duk shafin da ka ji kana son ya yi saurin wucewa, ka cire shi.