Yadda Ake Tsara Waƙar Yabon Malama Ranar Ritaya

Bisa dokar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2022, malamin makaranta yakan yi ritaya in ya kai shekara 65 da haihuwa, ko 40 yana aiki. Wadda ta yi shekarun nan tana fama da alli a firamare ta wuce a sallame ta da atamfa da kwano kawai. Waƙa ce kyautar da ba ta tsufa, amma fa sai an iya ta.

Da fari, a nemi tsofaffin ɗalibanta a ji abin da suke tunawa. Wane aji ta riƙe? Yaya ajin yake? In aka ce “mai haƙuri, mai kirki” aka tsaya, to, an yabi kowa ne, ba ita ba. Ga wadda muka tsara wa malamar aji ɗaya:

Malama, yau za ki huta,
Kin rubuta, mun karanta,
Naki aiki wa ya manta?
Ke uwa ce, ga mu yara.

Babu benci, sai fa allo,
Wansu barci, wansu kallo,
Wansu can na harba ƙwallo,
Kin tsaya sai an yi gyara.

Wannan ita ake kira 'yar ƙwar huɗu, wato kowane baiti ɗango huɗu. Ɗango uku na farko suna ƙarewa da sauti ɗaya, “ta” a baitin farko, “lo” a na biyu. Shi ne ƙaramin amsa-amo. Ɗango na huɗu kuwa “ra” ne har ƙarshen waƙa, shi ne babban amsa-amo. Kafin a zaɓe shi, a tabbata yana da kalmomi da yawa, kamar yara, gyara, fara, ƙara.

Sai kari. Kowane ɗango a nan gaɓa takwas ne, ta biyu da ta shida gajeru, sauran masu nauyi. A rera ana tafi. In muka ce “Malama, yau za ki je ki huta”, gaɓa ta zama goma, harshe zai yi tuntuɓe, tafi kuma ya ɓata. Nan ake gane ɗango ya karye.

Sai a kiyayi abu biyu. Kada a kambama ta irin na maroƙa, domin ba kuɗi ake nema ba, kuma ƙarya a gaban waɗanda suka san ta kunyata ta ne. Kada kuma a yi wa hukuma habaici kan albashi, domin shugabanninta suna zaune, takardun fanshonta kuma ta hannunsu za su bi.

Baiti biyar sun isa. Ɗalibi guda ya rera, taro su riƙa amsa ɗango na huɗu. A rufe da addu'a: “Lafiya Allah ya ƙara.” A kuma miƙa mata waƙar a rubuce.