Ƙarin Kashi 20, Ragin Kashi 20: Ina Naira Dubu Biyu Ta Shiga?

Akwai wata irin tambayar lissafi da ɗalibai kan ɗauki hotonta daga littafi su tura wa na gaba da su ta waya. Ga yadda take: mai shago yana sayar da keken ɗinki naira 50,000. Ya ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin, daga baya ya yi rangwamen kashi 20 cikin ɗari. Nawa ne kuɗin keken yanzu?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce 50,000, tunda abin da aka ƙara shi aka cire. Amma amsar gaskiya 48,000 ce.

Mu bi lissafin daki-daki. Kashi 20 na 50,000 shi ne 10,000, don haka keken ya koma 60,000. Da aka zo rangwame, tsohon farashi ya riga ya wuce, 60,000 ce rubuce a jikin keken. Kashi 20 ɗinta kuwa 12,000 ne. An ƙara 10,000, an cire 12,000, saura 48,000.

Sirrin ke nan: kashi cikin ɗari ba tsayayyen kuɗi ba ne, rabo ne daga wani adadi. Idan adadin ya sauya, rabon ma ya sauya. Shi ya sa a kowane mataki sai ka tambayi kanka: kashi 20 na nawa?

Haka abin yake idan rangwame biyu suka biyo juna. A ce an rage kashi 20 daga 50,000, ta koma 40,000, sannan aka ƙara rage kashi 10. Ragi na biyu 4,000 ne, ba 5,000 ba, domin daga 40,000 aka cire shi. Mai saye zai biya 36,000, wato ragin kashi 28 ya samu, ba 30 ba. In kana shakka, gwada ragin rabi sau biyu. Da haɗawa ake yi, da kaya sun zama kyauta, alhali rubu'in kuɗin na nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce ninkawa. Ƙarin kashi 20 daidai yake da ninka farashi da 1.2, ragin kashi 20 kuma da 0.8. To, 1.2 × 0.8 = 0.96, ma'ana kashi 96 na kuɗin farko ya rage, kashi 4 ya tafi. Ko da rangwamen aka fara, amsar ba za ta canza ba.

Ɗan kasuwa ma ya lura: wanda ya karya farashi da kashi 20, sai ya ƙara kashi 25 kafin ya koma inda yake. Saboda haka mai karatu, kada ka haɗa kashi da kashi. Fitar da sabon farashi tukuna, sannan ka lissafa na gaba a kansa.