Malam, ni 2 nake samu, littafi ya ce 78

Yawancin 'yan aji ɗaya a fannin injiniya, idan kalkulas ya sha musu kai, abin da suke ce wa malami shi ne "ban gane ba", shi ke nan. Wani ɗalibi kuwa takarda ya rubuta, ya nuna daidai inda yake tuntuɓe.

"Assalamu alaikum, Malam. Don Allah a duba mini wannan aikin: ∫ x(x² + 1)³ dx, daga x = 0 zuwa x = 2. Na ɗauki u = x² + 1. Na samo du = 2x dx, wato x dx = du/2. Lissafin ya koma u⁴/8, kuma har nan ba ni da shakka. Da na sa 2 da 0 sai na sami 16/8, wato 2. Bayan littafi an rubuta 78. Duk tambayar da ke da iyaka sama da ƙasa, a nan nake faɗuwa. Na gode, Malam."

Ga wanda bai yi wannan karatu ba, alamar ∫ tana neman faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi ne, tsakanin iyakoki biyu. Dabarar musanya kuwa ita ce a ɗauke gungun da ya cika ido, a ba shi harafi ɗaya, don aikin ya yi sauƙi.

Yaron ya yi aikin daidai har layin ƙarshe. Matsalar ita ce 0 da 2 iyakokin x ne, shi kuma ya riga ya koma ƙasar u. Kamar ɗan kasuwar da ya canza kuɗinsa zuwa sefa ne, ya shiga Maraɗi yana taya kaya da farashin naira. Dole iyakokin su ma su bi ta u = x² + 1. Idan x = 0, u zai zama 1; idan x = 2, u zai zama 5. Sai a cire 1 daga 625, a raba 624 gida takwas, 78 ta fito.

A ganina amsar da malamin ya bayar ta fi gyaran amfani. Ya ce masa ya sa x = 1 a ainihin tambayar: tsayin layin 8 ne, kuma daga nan hawa yake yi har 250 a x = 2. Ke nan filin da ke tsakanin 1 da 2 kaɗai ya haura 8, don haka 2 ba za ta taɓa yiwuwa ba, ko babu littafi a hannu.

Akwai wani kuskuren da wannan gwaji ba ya kamawa. Wanda ya gyara iyakoki amma ya rubuta du a gurbin x dx, ya manta rabin nan, 156 zai samu. Idan amsa ta ninka ta littafi cif, layin du ya kamata a fara dubawa.