Ina waƙar ta shiga? Abin da mai kasuwanci ke samu da wanda yake rasawa idan ya sauya nau'in shafinsa na Instagram

A ɗauka wata mai sayar da turaren wuta da humra ce a Kano, tana da shafin Instagram da ta buɗe tun tana ɗaliba. Wata ƙawarta ta ce mata ai kasuwanci ba ya tafiya da shafin gida, ta mayar da shi na sana'a. Ta shiga saituna, ta taɓa “Account type and tools”, sannan “Switch to professional account”, aka tambaye ta Creator ko Business, ta ce ai ni 'yar kasuwa ce, ta zaɓi Business. Washegari ta haɗa ɗan bidiyon kwalaben humra na Sallah, ta nemi waƙar da kowa ke ɗorawa a makon, ta neme ta sama ko ƙasa ta rasa. Ta zargi wayarta, ta zargi data, har ta goge manhajar ta sake saukewa. Ba ko ɗaya daga cikinsu. Zaɓin da ta yi jiya ne ya rufe mata wannan ƙofa, kuma shi ne ya buɗe mata wasu ƙofofi biyu da ba ta ma lura da su ba tukuna.

Shafi iri uku ne a Instagram. Akwai na mutum shi kaɗai, wanda kowa ke farawa da shi. A 2016 kamfanin ya fito da Business domin shaguna da kamfanoni, daga baya ya ƙaro Creator domin mawaƙa, 'yan fim, masu barkwanci da duk wanda sunansa ne jarinsa. Sauyawar kyauta ce, kuma ana iya komawa. Sai dai akwai sharaɗi guda da ya kamata mace musamman ta sani kafin ta taɓa maɓallin: shafin sana'a ba ya kulluwa. Idan da a kulle yake, yanzu kowa zai ga komai, kuma waɗanda suka nemi izinin bin ki kika bar su a jira za su shigo gaba ɗaya. Wadda ke da hotunan biki da na 'ya'yanta a shafin gara ta kwashe su tukuna, ko ta buɗe wa sana'ar nata shafin daban.

Mu koma kan waƙar. Waƙoƙin da ake gani a Instagram ba mallakar Meta ba ne, kamfanin da ke da Instagram da Facebook da WhatsApp. Yarjejeniya ya ƙulla da kamfanonin waƙa da masu rarraba ta, kuma abin da ya biya kuɗinsa shi ne amfanin mutum na kansa, wanda ba na neman kuɗi ba: yarinya ta ɗora waƙa a kan hoton kamunta, saurayi ya sa a bidiyon hawan Sallah. Ɗora waƙa a kan haja domin a saya wani lasisi ne daban, mai kuɗinsa daban, kamar yadda kamfanin da zai sa waƙa a tallarsa ta rediyo sai ya biya mai ita. Shi ya sa yawancin shafukan Business ba sa ganin waƙoƙin da suka yi tashe. Abin da ake ba su shi ne Sound Collection, wata taska ta Meta mai dubban kiɗe-kiɗe da sautuka da aka yarda a yi talla da su ba tare da biya ba. TikTok ma haka yake yi: mai Business Account ana tura shi ne zuwa Commercial Music Library.

A nan ne dabarar da ta yi yawo take shigowa. Ana cewa ki koma Creator, waƙoƙin za su dawo. Gaskiya ne galibi sukan dawo. Amma ganin waƙa a jeri ba ya nufin an ba ki izinin tallata humra da ita, domin lasisin yana bin abin da aka yi da waƙar ne, ba sunan da aka laƙaba wa shafin ba. Yadda mai turarenmu za ta gane haka a aikace ba shi da wuya. Ranar da bidiyon ya karɓu, ta so ta sa masa kuɗi ya yi nisa, ta taɓa Boost, za a ce mata ba zai yiwu ba saboda waƙar da ke kai. Idan kuma ta zagaya, ta haɗa waƙar a wata manhajar ta ɗoro bidiyon a matsayin Original audio, akwai na'urar da ke gwada sauti da abin da masu haƙƙi suka yi wa rajista, kuma tana iya kashe sautin ko ta toshe bidiyon. A 2022 wata kotun tarayya a jihar Florida ta Amurka ta samu kamfanin lemon Bang Energy da laifin keta haƙƙin Universal Music saboda waƙoƙin da ya ɗora a bidiyoyin tallarsa na TikTok. Kariyar da kamfanin ya kawo ita ce ya ɗauka izinin da TikTok ke da shi ya rufe shi, kotu kuwa ba ta karɓa ba. Ba na jin wani babban kamfanin waƙa zai bi mai humra har Kano da lauyoyi. Asarar da ta fi kusa da ita ita ce bidiyon da ta fi wahala a kansa ya zama kurma ana saura kwana uku Sallah.

Mafitar a wurinmu ma ba baƙuwa ba ce. Mawaƙan Hausa sun daɗe suna yi wa shaguna da kamfanoni waƙar talla a biya su, kuma waƙar da aka yi miki da sunan shagonki ta fi wadda mutum dubu suka riga suka ɗora. Abin kiyayewa kawai shi ne a rubuta yarjejeniyar, a faɗi cewa za ki yi amfani da ita a shafukan sada zumunta har da tallar da ake biya. Wadda ba ta da wannan kuɗi tana da muryarta. Bayanin yadda ake jiƙa itacen da kwana nawa yake yi kafin ya kama ƙamshi, babu mai kashe masa sauti.

Ƙofa ta farko da ta buɗe ita ce Insights, wato lissafin abin da ke faruwa da abin da ka wallafa. Mai shafin gida yana ganin waɗanda suka danna alamar so da masu sharhi, da adadin kallon bidiyonsa. Mai shafin sana'a, Creator ne ko Business, yana ganin abin da ke ƙarƙashin wannan: mutum nawa abin ya kai gare su, nawa ne ba mabiyansa ba, nawa suka adana ko suka tura wa wani, nawa suka biyo sawu har cikin shafin. Lissafin yana farawa ne daga ranar sauyawa, ba ya waiwayar baya, kuma taƙaitaccen bayanin shafin gaba ɗaya kwana 90 da suka wuce yake nunawa. Bayanin garuruwan mabiya, shekarunsu da lokacin da suka fi hawa ba ya fitowa sai mabiya sun kai 100.

Bari mu ƙaddara wasu alƙaluma domin a ga yadda ake karatun. Bidiyonta na farko, mai kiɗa da walƙiya, ya samu Views 12,000, amma mutanen da ya kai gare su 8,000 ne, domin mutum ɗaya yana iya kallo sau uku. Cikin waɗannan, 240 suka shiga shafinta, wato uku cikin ɗari. Bidiyo na biyu tana zaune ne tana zuba humra a kwalba tana faɗin farashi. Mutum 2,000 kacal ya kai gare su, amma 200 suka shiga shafin, goma cikin ɗari ke nan. Wadda ke kallon adadin kallo kaɗai za ta ce na biyun ya faɗi, ta daina irinsa. Alhali da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ya kawo mata kusan adadin baƙi iri ɗaya, kuma baƙin da suka riga suka ji farashi suka shigo duk da haka. Garuruwan ma suna da abin faɗi. Idan ta duba ta ga bayan Kano sai Abuja da Yamai, to lokaci ya yi da za ta san kuɗin aika kaya ta tasha ta rubuta shi a fili. Lokutan hawa kuwa kada a haddace su sau ɗaya a zauna a kai, don na watan azumi ba irin na sauran watanni ba ne.

Wani abin lura shi ne masu yawo tsakanin nau'in shafi, yau gida gobe sana'a, suna neman waƙa. Komawa shafin gida yana iya raba mutum da Insights. Tsakanin Creator da Business ne sauyin ba ya cin wannan.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ciniki. Shafin gida Message kaɗai yake da shi da gurbin adireshin intanet. Shafin sana'a yana iya ƙara lambar waya, imel da WhatsApp daga “Edit profile” sannan “Contact options”, a ga maɓallinsu ƙarƙashin bayanin shafi. Business ya fi dacewa da mai shago, domin yana ɗaukar adireshin da ke buɗe taswira, yana kuma da irin su “Book now” da “Order food”, sai dai waɗannan suna aiki ne da wasu kamfanonin haɗin gwiwa, kuma ba su cika yi wa ƙaramin ɗan kasuwa a nan amfani ba. A wurinmu WhatsApp ne kasuwar. Insights zai nuna nawa suka taɓa maɓallin kira ko na imel, amma ba zai san wa ya turo kuɗi ba. Wannan sai ta ƙirga da kanta a littafi, tana tambayar kowace kwastoma wane bidiyo ta gani.

Lambar da aka sa a nan ta fita duniya. Mai saye zai kira, mai neman hira da tsakar dare ma zai kira, haka ɗan damfarar da zai ce daga wata ƙungiya yake, a karanto masa lambobi shida da suka shigo wayar yanzu. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin WhatsApp ɗin, wanda ya karanto su ya miƙa akawun ɗinsa da kwastomominsa. Layin sana'a daban da WhatsApp Business, da kunna “Two-step verification”, sun fi arha a kan wannan asara. Mai sana'a a cikin gida kuma ba dole ne ta sa adireshin gidanta ba. Sunan unguwa a bayanin shafi ya isa, sauran kwatance sai an yi ciniki.

A ganina, wanda ke sayar da haja ya zauna a Business ya haƙura da waƙoƙin tashe, domin ko ya same su ta wata hanya ba zai iya sa musu kuɗin talla ba. Mawaƙi da ɗan wasa da malamar girki da ake bi don su kansu, Creator ne wurinsu, amma ranar da wani kamfani ya biya su su tallata masa kaya, waƙar da ke kan wannan bidiyon ta zama ta talla, sai an nemi wadda aka halatta. Mai karatu da ke shirin sauyawa a daren nan, ka fara duba tsofaffin hotunanka, ka kuma tanadi layin da za ka sa.